Dashen Ɓargo ga Yaro Mai Sikila: Wa Zai Bayar, Kuma Me Ake Tsoro?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 9 yana da sikila. Sau biyu ana kwantar da shi saboda ciwon ƙirji mai tsanani, kuma gwajin jijiyoyin kai ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ce mana dashen ɓargo yana warkar da ita. Yayarsa mai shekara 13 AS ce kuma rukunin jininsu ɗaya, ƙanensa mai shekara 6 AA ne, sannan yana da 'yan uba uku. Wa zai ba shi, kuma mene ne haɗarin? Na fara tunanin sayar da filina." Daga wani uba a Gwale, Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi. Roƙona na farko shi ne ka dakata da batun fili har sai an yi gwaji guda ɗaya, wanda ake kira HLA, domin sakamakonsa ne zai nuna ko tafiyar za ta yiwu, da irin haɗarin da ke cikinta. Na ga iyalai da suka tara kuɗi, suka yi biza, suka isa asibiti a ƙasar waje, sannan a can aka shaida musu cewa babu wanda ya dace da yaron a cikin 'ya'yansu, alhali ana iya ɗibar jinin a nan Kano a aika da shi ɗakin gwajin da ke yin wannan aiki.

Gaskiya ne dashe yana warkar da sikila. Jini a cikin ɓargo ake yin sa, daga wasu ƙwayoyi da muke kira ƙwayoyin tushe, waɗanda su ne ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini. Idan aka kawar da ƙwayoyin tushen yaro aka maye gurbinsu da na mai lafiya, jinin da jikinsa zai riƙa yi daga nan zai zama irin na wanda ya bayar. An fara ba da rahoton haka a 1984 a Amurka, a jikin wata yarinya da aka yi wa dashe saboda sankarar jini sai sikilarta ma ta tafi, kuma a Najeriya an yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi, kuma duk amsata a kansa za ta gudana: wanda aka yi wa dashen ɓargo ba jini kaɗai ya karɓa ba, ya karɓi garkuwar jikin wani mutum ne, domin fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. Idan waɗannan baƙin sojoji suka ɗauki jikin yaro a matsayin gida, an dace. Idan suka ɗauke shi a matsayin abokin gaba, za su yaƙe shi.

Abin da sojojin ke dubawa su gane na gida da baƙo shi ne HLA, wasu alamu da ke jikin kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum. Ba su da alaƙa da rukunin jini, ba su kuma da alaƙa da AA ko AS. Ana iya samun 'yan'uwa biyu masu rukunin jini ɗaya da HLA ɗinsu ya yi hannun riga, ana kuma iya yin dashe lafiya tsakanin masu rukunin jini daban idan HLA ya dace, sai dai a sarrafa ɓargon kafin a saka shi. A takardar gwaji za ka ga sunaye biyar, HLA-A da HLA-B da HLA-C da HLA-DRB1 da HLA-DQB1, kowanne yana da lamba biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ya sa ake cewa cikakkiyar dacewa ita ce 10 bisa 10.

Yadda ake gadon alamun nan shi ne ke yanke hukunci a gidanka. A dunƙule ake gadonsu, kamar ƙunshi. Kai kana da ƙunshi biyu, mahaifiyarsa tana da biyu, kowane ɗa yana ɗaukar ɗaya daga wurinka da ɗaya daga wurinta. Saboda haka kowane shaƙiƙi, wato uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa gaba ɗaya, da 2 cikin 4 ta dacewa da rabi, da 1 cikin 4 ta rashin dacewa sam. Da yake ɗanka yana da shaƙiƙai biyu kuma babu mai SS a cikinsu, damar a samu aƙalla ɗaya da ya dace ta kai 7 cikin 16, wato kusan kashi 44 cikin 100. Wannan ya fi abin da yawancin masu sikila ke da shi, domin a duniya waɗanda ke da shaƙiƙin da ya dace ba su kai 1 cikin 5 ba.

'Yan uba kuwa, ƙunshin da suka ɗauka daga iyayensu mata daban yake da na mahaifiyar yaron, don haka iyakar abin da ake tsammani daga gare su shi ne dacewa da rabi, kamar yadda kai da mahaifiyarsa kowannenku rabi ne. Sai fa idan matan biyu dangin juna ne, ko kuma kai da mahaifiyarsa auren zumunci kuka yi. A irin wannan hali ƙunshi ɗaya yana iya zagayawa a dangi ta ɓangarori biyu, har a samu uba ko ɗan baffa ya dace gaba ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, don haka ka faɗa wa likita nasabar aurenku dalla-dalla, kuma a gwada ku iyaye tare da yaran, domin ta haka ake tabbatar da wane ƙunshi ya fito daga wa.

Kasancewar yayarsa AS ba ya hana ta bayarwa. Idan dashen ya kama, jinin yaron zai koma na AS, kuma mai AS ba ya fama da ciwon sikila. Idan aka yi sa'a duka biyun suka dace, sai a duba nauyi da jinsi. Ana ɗibar ɓargo daga bayan ƙashin ƙugu da allura, mai bayarwa yana cikin barcin tiyata, kuma yawanci ana neman mililita 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na mai karɓa, ba tare da an wuce mililita 20 a kan kowane kilo na mai bayarwa ba. Mu ƙaddara ɗanka kilo 25 ne: ana bukatar har mililita 375, abin da bai cika ledar ruwan sha ɗaya ba. Yayarsa mai kilo 38 za ta bayar da wannan cikin sauƙi, amma ƙanensa mai kilo 18 iyakarsa mililita 360, ya zo a kan gaɓa ke nan. A ɗaya ɓangaren kuma, ɓargon mace a jikin namiji ya ɗan fi tayar da rikicin garkuwa, musamman macen da ta taɓa ɗaukar ciki, abin da bai shafi yarinya mai shekara 13 ba. Mai bayarwa yakan ji ciwon ƙugu na 'yan kwanaki, ɓargonsa kuma ya cike gurbin abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Duk da haka a zaunar da yarinyar a yi mata bayani da harshen da za ta fahimta, a kuma sanar da ita tun yanzu cewa idan abu bai tafi daidai ba, ba laifinta ba ne. Na ga yadda wannan tunani ke cin yara a ɓoye.

Akwai kuskure ɗaya da nake so ka kauce masa daga yau, domin al'adar asibitocinmu ce ke jawo shi. Idan aka ce yaro yana bukatar ƙarin jini, abin da aka saba shi ne a kira dangi su bayar. Ga yaron da ake tunanin yi wa dashe, kada a saka masa jinin dangi na kusa, musamman wanda ake sa ran zai ba shi ɓargo, saboda jikinsa yana iya haddace alamun wannan mutum ya tanadi makamin yaƙarsu, ranar da aka saka ɓargon kuma ya ƙi karɓa. Dangi su bayar a ajiye a ma'ajiyar jini a musanya da na wani.

Idan an samu mai bayarwa, sai shirin jiki. Da farko ana yin musayar jini har sai kason jinin sikila ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100, a duba hanta da ƙoda da zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, a auna ƙarfen da ya taru a jiki sakamakon ƙarin jinin baya, a kuma saka bututu a babbar jijiyar ƙirji wanda ta nan komai zai riƙa shiga. Daga nan sai magungunan share fage, waɗanda ke ɗaukar mako ɗaya zuwa kwana 10. Aikinsu biyu ne: su kashe ɓargon yaro domin sabon ya samu wurin zama, su kuma kwantar da garkuwarsa domin kada ta kori baƙo. Tsarin da aka fi daɗewa ana amfani da shi ga yara shi ne busulfan na kwana 4, sai saikulofosfamid na kwana 4, tare da wani magani da ake kira ATG wanda ke rage sojojin da ke haddasa faɗa. Waɗannan magungunan sankara ne, kuma a nan ana ba da su da ƙarfi ƙwarai. Wasu cibiyoyi suna amfani da tiriyosulfan da fuludarabin, ko wani tsari mai sauƙi ga manya waɗanda gaɓoɓinsu suka riga suka gaji, amma ka riƙe wannan ma'auni: duk lokacin da aka sassauta share fage, wahalar magani tana raguwa, haɗarin ƙin kamawar dashe kuma yana ƙaruwa.

Ranar dashen kanta ba ta da wani abin kallo. Ba a yanka yaro, leda ce kawai irin ta ƙarin jini ake ratayewa, ƙwayoyin su bi jijiya su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Ana kiran ranar da ranar sifiri, daga ita ake fara ƙirga. Makonni biyu zuwa huɗu da ke biye su ne masu wuya, domin tsohon ɓargo ya mutu, sabon bai fara aiki ba. Gashi yana zubewa, baki da maƙogwaro suna yin gyambo har yaro ya kasa haɗiye yawu, kuma ƙwayar cutar da ba za ta dami lafiyayye ba tana iya hallaka shi cikin sa'o'i, shi ya sa ake keɓe shi a ɗaki mai tace iska. Busulfan yana iya toshe ƙananan jijiyoyin hanta, alamarsa ita ce ƙaruwar nauyi ba zato da kumburin ciki da shawara da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, don haka ake ɗora yaro a ma'auni kullum. Masu sikila kuma suna da nasu haɗarin na jijjiga da zubar jini a ƙwaƙwalwa, saboda haka ake tsare hawan jininsu sosai, a ba su maganin hana jijjiga, a kuma riƙe ƙwayoyin tsayar da jini sama da 50,000. Idan fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suka haura 500 kwana uku a jere, sai a ce dashe ya kama.

Wani farashi na share fage wanda dole ne kai da mahaifiyarsa ku ji shi kafin ku sa hannu shi ne haihuwa. Busulfan yana lalata ƙwayoyin haihuwa, kuma da yawa daga waɗanda aka ba su shi da cikakken ƙarfi ba sa haihuwa daga baya, lamarin ya fi tsanani ga mata amma bai bar maza ba. Baligi yana iya ajiye maniyyinsa kafin a fara, yaro mai shekara 9 ba shi da wannan dama. Idan kuma Allah Ya ba shi haihuwa, ya sani cewa dashe ya canza jininsa ne kawai, bai canza abin da zai gadar ba: gwaji zai nuna AA ko AS, amma kowane ɗa nasa zai gaji S daga gare shi, don haka a wajen neman aure a matsayin SS zai lissafa kansa.

Yanzu ga abin da na fi tsoro, wanda a takardun asibiti ake rubuta shi GVHD, ma'anarsa dashe ya juya yana yaƙar mai masaukinsa. Ga mai sankarar jini, ɗan kaɗan daga wannan faɗa yana da amfani, domin baƙin sojojin suna kashe ragowar sankara. Ga mai sikila ba shi da amfani ko na ƙwayar zarra, asara ce tsantsa. Shi ya sa ake fifita ɓargon ƙugu a kan ƙwayoyin tushen da ake tacewa daga jinin jijiyar hannu, domin na biyun suna zuwa da sojoji masu yawa. Shi ya sa kuma ake fara rigakafi tun kafin ranar sifiri da saikulosforin ko takurolimus, a ƙara da metotirezet a rana ta 1 da ta 3 da ta 6, sau da yawa har da ta 11, a ci gaba da na farkon wata 6 zuwa shekara kafin a janye shi sannu a hankali.

Nau'in GVHD da ke zuwa da wuri yakan bayyana cikin kwana 100 na farko, kuma wurare uku yake kamawa: fata da hanji da hanta. A littattafai ana siffanta shi da jan ƙurji, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Abin da uwa za ta gani shi ne tafin hannu da tafin ƙafa sun canza launi suna zafi ko ƙaiƙayi, bayan kunne da wuya sun yi duhu da ƙananan ƙuraje, abin da a watan Afrilu a Kano kowa zai ce ƙurajen zafi ne. A hanji kuwa gudawa ce mai ruwa-ruwa, sau da yawa kore-kore, da murɗawar ciki da ƙin abinci, kuma ana auna ta ne da mazubi: ga yaro mai kilo 25, mililita 250 a rana ta isa a ɗauke ta da muhimmanci, idan ta wuce 750 ta yi tsanani. Na taɓa karɓar wani matashi da ya dawo gida wata biyu bayan dashe, gudawa ta kama shi, aka yi mako guda ana ba shi maganin taifot daga kemis, kuma saikulosforin ɗinsa ya ƙare kwana 10 kafin nan ba a samu wani ba. Da ya iso, idanunsa sun yi ɗorawa, fatar tafin hannunsa tana saɓulewa. Ya rayu, amma da an kawo shi a rana ta biyu da bai sha rabin wahalar da ya sha ba. Maganin farko shi ne sitiroyid mai ƙarfi, miligiram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo a rana, kuma kusan rabin marasa lafiya ne kawai ke samun sauƙi mai ɗorewa da shi. Sauran sai an koma ga magani irin su ruksolitinib, mai tsada da wuyar samu, kuma kowane ƙarin magani yana ƙara buɗe ƙofa ga cututtuka.

Nau'in da ke zuwa a makare shi ne ke iya mayar da nasara ciki. Yana lallaɓowa ne bayan watanni, sau da yawa a lokacin da ake janye magani: idanu su bushe kamar an zuba yashi, baki ya bushe da fararen zane a cikin kumatu har yaro ya kasa cin abu mai yaji, fata ta yi tauri ta riƙe gaɓoɓi, ko numfashi ya riƙa gajarta saboda ƙananan hanyoyin iska na huhu sun ƙuntace, kuma wannan na ƙarshe ba ya komawa yadda yake. Wanda ya kamu da mai tsananinsa ya rabu da sikila ne ya karɓi wata cutar mai daɗewa a madadinta.

Ga alƙaluman da za ka auna da su. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya bi masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe daga shaƙiƙin da ya dace tsakanin 1986 da 2013. A cikin waɗanda ba su kai shekara 16 ba, kashi 95 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kashi 93 kuma suna raye ba tare da sikila ba, amma ga 'yan 16 zuwa sama adadin ya sauko zuwa 81. Kusan kashi 15 sun samu GVHD na wuri mai bukatar magani, kusan 14 kuma na makare. Ma'anar wannan ita ce a cikin yara 20 irin ɗanka, ana fargabar rasa ɗaya ta dalilin dashen kansa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Yawancin waɗannan an yi su ne a Turai da Amurka, saboda haka kowace cibiya ka je, ka tambaye su masu sikila nawa suka yi wa dashe, nawa ke raye, nawa suka samu GVHD.

Ra'ayina shi ne, idan ɗaya daga cikin shaƙiƙansa ya dace 10 bisa 10, yaron da ya yi ciwon ƙirji sau biyu kuma jijiyoyin kansa suka nuna haɗari yana cikin waɗanda dashe ya fi cancanta a gare su, kuma shekarunsa suna cikin lokacin da ya fi kyau. Idan babu wanda ya dace, akwai dashen rabin dacewa daga uwa ko uba ko ɗan uba, inda ake ba da saikulofosfamid a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe domin kashe sojojin da suka fara tayar da faɗa. Hanyar ta ci gaba sosai, amma ƙin kamawa da GVHD da cututtuka sun fi yawa a cikinta, kuma ba zan so a yi wa yaro ita ba sai a cibiyar da ta ƙware a kanta ga masu sikila, bayan an gwada jininsa an tabbatar bai riga ya tanadi makami a kan alamun mai bayarwa ba. Kafin nan kuma kada a saki abin da ke hannu. Binciken da aka yi a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ya nuna cewa haidiroksiyuriya tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da gwajin jijiyoyin kansu ya yi sama, don haka ya riƙa shan ta kullum a ƙarƙashin kulawar likitansa ko da ana shirin tafiya.

Idan ka zo lissafin kuɗi, kada ka tsaya a kan kuɗin asibitin dashe. Ka saka zaman aƙalla kwana 100 kusa da cibiyar, da maganin shekara guda wanda ba a tsallake ko rana ɗaya, da gwajin auna yawan saikulosforin a jini, da gwajin CMV, wata ƙwayar cuta da ke farkawa idan garkuwar jiki ta yi rauni, da gwajin da ke nuna kason ƙwayoyin mai bayarwa a jikin yaro. Wannan na ƙarshe ba lallai ne ya nuna 100 ba: jajayen ƙwayoyi masu lafiya suna rayuwa kusan kwana 120, na sikila kuwa 10 zuwa 20, saboda haka ko kashi 20 zuwa 25 na ɓargon mai bayarwa yana iya cika jini da lafiyayyun ƙwayoyi, abin da ake tsoro shi ne a ga kason yana ta sauka wata bayan wata. Kafin ku tashi, ku samu likitan jini a Kano wanda ya amince zai karɓi yaron idan kun dawo, cibiyar kuma ta riƙa magana da shi kai tsaye. A gida, gidan sauro da rigakafin maleriya wajibi ne, ruwan sha a tafasa, a rufe masa hanci da baki daga ƙurar hunturu da ta wurin gini saboda tana ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu, a kuma kare fatarsa daga zafin rana domin yana tayar da GVHD. Ku ajiye ma'aunin zafin jiki a ɗakinsa, kuma duk lokacin da ya nuna 38, ko da ƙarfe biyun dare ne, asibiti za a nufa da shi ba tare da an tsaya ba shi farasitamol a ga abin da gari zai waye da shi ba.